Zafin Ƙasa Kafin Shuka: Tambayoyi da Amsoshi ga Manoman Masara da Gero

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan dawowa daga bakin manoman rani da na damina game da auna zafin ƙasa. Duk inda aka ce "digiri" a nan, ana nufin digirin Salshiyos, wanda ake yi wa alamar °C a jikin ma'auni. An sa wa tambayoyin lamba domin wata amsar tana jingina da wata.

1. Me ya haɗa zafin ƙasa da tsirowar iri? Ai mun san ruwa ne ke sa shuka ta fito.

Ruwa ne ke tayar da ƙwayar iri daga barci, amma zafi ne ke yanke saurin da za ta yi bayan ta farka. Idan ƙwaya ta sha ruwa ta kumbura, sai abincin da ke ajiye a cikinta ya fara narkewa yana ciyar da ɗan tsiron, saiwa ta fara fitowa, sannan kan tsiron ya nufi sama. Wannan aikin yana da zafin da in ba a kai shi ba ba ya farawa, yana da zafin da ya fi gudu a cikinsa, kuma yana da zafin da in an wuce shi sai tsiron ya mutu. Lambobi uku ke nan ga kowane amfanin gona, kuma na masara dabam, na gero dabam.

Abin da ya sa saurin ke da muhimmanci shi ne, ƙwayar da ta jiƙa tana cikin haɗari har sai ta huda ƙasa ta ga rana. Duk kwanan da ta ƙara a binne, ƙarin dama ce ga ruɓa, da gara, da ɓera, da tsuntsun da ke tono.

2. Zafi nawa masara ke so kafin ta tsira?

Masara ba ta yin wani motsi na kirki ƙasa da digiri 10. Daga 10 zuwa 13 za ta tsira, amma tana iya ɗaukar mako uku kafin ta fito, kuma fitowar ba ta zuwa tare. Daga 16 zuwa 18 takan fito cikin kwana takwas zuwa goma. Inda ta fi jin daɗi shi ne tsakanin 25 da 30, kuma a nan ne ake ganin abin da manoman damina suka saba da shi: a shuka yau, a ga layi ya yi tsanwa a kwana na huɗu ko na biyar.

Daga sama kuma, idan ƙasar da ke kewaye da ƙwayar ta haura 35 saurin ya daina ƙaruwa, in ta kai 40 ta daɗe a nan sai a fara asara. Masara ba ta da jimirin zafi irin na gero.

3. Gero fa? Ance shi ba ruwansa da zafi.

Gero ya fi masara son zafi nesa ba kusa ba, amma yana da iyaka. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙwayarsa sun nuna yana fara motsi daga wajen digiri 10 zuwa 12, ya fi sauri a wajen 33 zuwa 34, kuma tsirowa takan tsaya cik a wajen 45 zuwa 47. A aikace ba a son shuka shi sai ƙasa ta kai 18 zuwa 20 ko sama da haka. A ƙasa mai ɗumi da danshi yakan fito cikin kwana biyu zuwa huɗu.

A dubi tazarar da kyau: daga inda ya fi sauri zuwa inda yake mutuwa digiri goma sha biyu ne kacal ko kusa da haka. Ƙasa mai yashi a ƙarshen bazara tana iya tsallake wannan tazarar tsakanin hantsi da azahar. A yankin Sahel saman yashin da ba shi da inuwa yakan wuce digiri 50 da rana tsaka, wani lokaci har ya doshi 60. Don haka maganar "gero ba ruwansa da zafi" gaskiya ce ga geron da ya riga ya kafa saiwa, ba ga wanda ke cikin kwana ukunsa na farko ba. Duba tambaya ta 12.

4. Na karanta cewa da zarar ƙasa ta kai digiri 10 sai a shuka masara. Wannan ƙa'idar ta shafe mu?

Ƙa'idar gaskiya ce, amma an yi ta ne don ƙasashen sanyi kamar Amurka da Turai, inda ƙasa ke daskarewa, manomi yana jiran ta ɗumama bayan sanyin hunturu a watan Afrilu ko Mayu. Su matsalarsu ɗaya ce, sanyi. A ƙasar Hausa ba wanda zai soka ma'auni a gonarsa a watan Yuni ya ga digiri 10. Wanda ya ɗauki wannan lambar ita kaɗai zai ga kullum ƙasarsa ta wuce ta, ya ce ma'aunin ba shi da amfani, ya jefa shi a aljihun tebur.

A wurinmu ma'aunin yana da aiki biyu, kuma ba a lokaci ɗaya ba. Na farko a lokacin ɗari, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu, ga masu shuka masarar rani a wurare kamar Kadawa da Kura, da Bakolori, da kwarin Haɗeja, da Ƙonni: a nan awon safe ne abin dubawa, domin sanyi ne abin tsoro. Na biyu a farkon damina, ga mai shuka gero ko masara bayan ruwan farko: a nan awon azahar ne abin dubawa, domin zafi ne ke kisa. A ganina duk wanda ya riƙe wannan bambancin ya riga ya fahimci rabin batun.

5. Wane irin ma'auni zan saya? Na asibiti zai yi?

Na asibiti ba zai yi ba. An yi shi ne don jikin mutum, lambobinsa daga wajen 35 zuwa 42 suke, kuma yakan tsaya a kan mafi girman zafin da ya taɓa, ba ya sauka da kansa. Shi ma mai kama da bindiga wanda ake haskawa a goshi, fatar ƙasa kawai yake karantawa, ba inda iri yake kwance ba.

Abin da ake buƙata shi ne ma'auni mai tsinken ƙarfe da ake sokawa, wanda lambobinsa suka fara daga sifili ko ƙasa da haka suka kai aƙalla 60. Iri biyu ne a kasuwa: mai fuska kamar agogo da allura, da mai batir da ke nuna lamba a ɗan gilashi. Mai batir ya fi dacewa da aikinmu, domin a daidai bakin tsinkensa yake jin zafi, sai ka san takamaiman zurfin da ka auna. Mai fuskar agogo da yawa daga cikinsu suna jin zafi ne a tsawon santimita huɗu ko biyar na ƙarshen tsinken, don haka ba su dace da awo mara zurfi ba sai an kwantar da su (tambaya ta 7). Irin wanda masu girki ke sokawa a nama ma yana yi, muddin lambobinsa sun sauko har sifili.

6. Ta yaya zan san ma'aunina ba ƙarya yake yi ba? Kuma nawa yana nuna 86 da safe.

In ya nuna 86 da safe, to a kan Farenhait yake. Duba gefen lambar za ka ga °F. Yawancin masu batir suna da maɓallin °C/°F, sai a danna ya koma. In babu, ga lissafin:

```
°C = (°F − 32) × 5 ÷ 9
```

Wato 50 a Farenhait shi ne digiri 10, 86 shi ne 30, 113 shi ne 45.

Gwada gaskiyarsa kuwa ba shi da wuya. A farfasa ƙanƙara a cika kofi da ita, a zuba ruwa kaɗan ya cike tsakaninta, a motsa, a jira minti uku, sannan a tsoma tsinken a tsakiya kada ya taɓa gindin kofin. Ya kamata ya nuna sifili. In ya nuna 2, to ka san yana ƙara biyu, sai ka riƙa cirewa a duk awon da ka yi. Masu fuskar agogo da dama suna da ɗan noti a bayan fuskar da ake murɗawa a daidaita allurar. A yi wannan gwajin sau ɗaya a farkon kowace shekarar noma, da kuma duk lokacin da ma'aunin ya faɗi ƙasa.

7. A wane zurfi ake sokawa, kuma yaya ake karantawa?

A zurfin da ƙwayar za ta kwanta. Masara santimita 4 zuwa 5, kusan gaɓa biyu na yatsa. Gero santimita 2 zuwa 3, sai dai a jigawa mai laushi inda saran sungumi kan kai shi ƙasa da haka, sai a auna inda yake faɗawa da gaske. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a luma tsinken gaba ɗaya har ya nutse, santimita 12 ko 15. A can ƙasa zafi ba ya hawa da sauka sosai, sai ma'aunin ya nuna maka 31 mai daɗi alhali a inda geron yake ana 44. Ɗaura zare ko liƙa ɗan salatif a jikin tsinken a daidai santimita 3 da 5, ka huta da kintace.

Ga yadda ake yi. A fara huda ƙasar da ƙusa ko tsinke mai kaurin da bai kai na ma'aunin ba, don kada a lanƙwasa shi a ƙasa mai tauri. A soka ma'aunin, a danna ƙasa ta manne da shi ta kowane gefe, domin in akwai iska tsakaninsu zafin iskar za a karanta. A kare kansa daga rana da hula ko tafin hannu, ba tare da an riƙe ƙarfen ba. Mai batir a ba shi kamar minti ɗaya har lambar ta daina motsi, mai fuskar agogo minti uku zuwa biyar. A karanta yana cikin ƙasa. Da zarar an zare shi ya fara auna iska, sai dai in yana da maɓallin HOLD an danna kafin a cire.

Ga mai fuskar agogo, ko ga awon gero mara zurfi, dabarar ita ce a haƙa ɗan rami da hannu, a soka tsinken a kwance cikin bangon ramin a daidai zurfin da ake so, ta yadda duk tsawonsa yana zurfi ɗaya. A yi saurin sokawa kafin bangon ya bushe.

8. Da safe ake aunawa ko da rana?

Duka biyun, in da hali. Ƙasa a zurfin iri ta fi sanyi jim kaɗan bayan fitowar rana, wajen ƙarfe shida da rabi zuwa bakwai da rabi, ta fi zafi tsakanin ƙarfe ɗaya da uku. Mai sauƙin tunawa: awo ɗaya bayan an dawo daga sallar asuba gari ya waye, ɗaya bayan azahar. Awon hantsi ko na yamma lis ba ya gaya maka iyakar sanyi, ba ya gaya maka iyakar zafi, don haka amfaninsa kaɗan ne.

In sau ɗaya kawai za ka iya zuwa gona, koma tambaya ta 4: lokacin ɗari ka zaɓi safe, farkon damina ka zaɓi azahar.

9. Wuri ɗaya ya isa? Kwana nawa zan yi ina aunawa?

Wuri ɗaya bai isa ba, domin gona ɗaya ba ƙasa ɗaya ba ce. Yashi yana saurin zafi yana saurin hucewa. Laka mai riƙe ruwa tana jinkirin ɗumama, shi ya sa gefen fadama ya fi tudu sanyi da rana. Saman kunya ya fi kwarinta zafi da azahar, kuma inda kara ko ciyawa ya rufe ya fi fili sanyi. A auna wuri huɗu ko biyar, a daidai inda za a zuba irin: in a saman kunya za ka shuka, a nan za ka auna, ba a kwari ba. Kada a haɗa awon tudu da na gangare a raba, a rubuta kowanne dabam, domin wataƙila ɓangare ɗaya ya shirya ɗayan bai shirya ba.

Ga masarar rani, a yi kwana uku a jere, a ƙasar da aka riga aka ba ruwa. Busasshiyar ƙasa tana nuna lambar da ba ita irin zai gani ba, tun da da zarar an jiƙa ta zafin rana zai sauka. Ga damina ba a samun wannan sararin, domin ruwan shuka ba ya jiran kowa, sai a bi yadda aka bayyana a tambaya ta 12.

10. Na auna na rubuta. To yaya zan mayar da lambobin su zama shawara?

Masara tana buƙatar tarin ɗumi mai kimanin 60 kafin ta huda ƙasa daga zurfin santimita 5. Wasu irin sun ɗan fi haka, wasu ba su kai ba, amma 60 ya isa a yi aiki da shi. Yadda ake tara shi: a haɗa awon safe da na azahar a raba biyu, a cire 10, abin da ya rage shi ne ɗumin da ƙwayar ta samu a wannan ranar. In awon azahar ya wuce 30, a ɗauke shi a matsayin 30, domin abin da ya ƙaru a sama ba ya ƙara mata sauri yadda za a lissafa da shi.

A ɗauki misalin manomi mai son shuka masarar gasawa a fadamarsa a tsakiyar Janairu, iska na kaɗawa, hazo ya rufe rana. Ya ba ƙasa ruwa, ya auna kwana uku a santimita 5. Da safe ya samu 12, 11, 10, da azahar 22, 21, 20. Matsakaicin safe 11, na azahar 21. In an haɗa an raba biyu, 16. A cire 10, saura 6. A raba 60 da 6, kwana goma ke nan kafin ya ga tsiro. Kuma a lura awon safen sauka yake yi kullum, har ya taɓa 10. Wannan ba ranar shuka ba ce. A ce ya haƙura, ya shiga wani aikin, ya dawo a ƙarshen Fabrairu ya samu 19 da safe, 33 da azahar. Zai ɗauki 33 a matsayin 30, ya haɗa da 19 ya raba biyu, 24 da rabi. Cire 10, saura 14 da rabi. Raba 60 da wannan, kwana huɗu da ɗoriya.

Ba wai ta Janairu ba za ta fito ba ne. Za ta fito, amma a rarrabe, wata yau wata bayan kwana biyar, kuma wadda ta makara ba ta kamo 'yar'uwarta, tana zama a inuwarta ta ba da ƙaramin goyo ko ta ƙi bayarwa. Akwai mai shuka da wuri da gangan don ya riga kowa kai ɗanyar masara kasuwa, kuma wannan lissafi ne mai hujja. Shawarata ga irinsa: kada ya shuka in awon safe bai kai 13 ba, ya ƙara yawan iri kaɗan, ya cuɗa shi da maganin kare iri daga ruɓa, kuma ya karanta tambaya ta 11. Wanda ba ya gaggawa ya jira safe ta kai 16 zuwa 18.

11. Ance ban ruwa da asuba lokacin sanyi yana lalata shuka. Gaskiya ne?

Akwai gaskiya a ciki, musamman a kwana biyun farko. Ƙwayar masara tana shan mafi yawan ruwanta ne a cikin awa 24 zuwa 48 bayan shuka. In ruwan da ta fara sha ya yi sanyi ƙwarai, wajen digiri 10 ko ƙasa, ƙwayoyin halittar da ke cikinta suna tsagewa yayin kumbura. Alamarsa: ƙwaya ta kumbura ba ta tsira ba, ko tsiron ya murɗe yana zagaye a cikin ƙasa, ko ganye ya buɗe tun bai fito ba.

Ruwan rijiyar burtsatse ko ta tubwel yakan fito da ɗan ɗumi ko da lokacin ɗari ne. Wanda ya kwana a buɗe a ƙaramar hanyar ruwa ko a kududdufi shi ne ke yin sanyi. Soka ma'aunin a ruwan ma ka gani. Hanya mafi aminci ita ce a ba ƙasa ruwa kwana ɗaya ko biyu kafin shuka, a bar ta ta tsane ta sha rana, a shuka da hantsi a kan danshin, sannan kada a sake ambaliya mata ruwa sai ta fito, in dai ƙasar ba ta bushe ba. Ƙasar da ruwa ya kwanta a kai ta haɗa wa iri sanyi da rashin iska.

12. A farkon damina, me zan duba kafin in shuka gero?

Ruwa tukuna, sannan zafi, domin a wannan lokacin danshi ne ke riƙe zafin ƙasa. Muddin saman ƙasa na da lema, tururin da ke tashi yana sanyaya ta. Ranar da saman ya bushe, zafi ya yi tsalle. Ƙa'idar da masana yanayin Sahel suka daɗe suna aiki da ita wajen sanin faɗuwar damina ita ce ruwa milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da fari mai wuce kwana bakwai ya biyo baya a cikin wata guda ba. Rabin farko kana iya aunawa. Rabin na biyu sai dai a saurari hasashen hukumar NiMet a Nijeriya ko na hukumar yanayi ta Nijar, a bar sauran ga Allah.

Da safen da ya biyo bayan ruwa, tona da hannu ka ga iyakar inda danshi ya kai. In ya sauka kamu guda ko fiye, ko ya haɗe da danshin ƙasa, shuka ba tare da ɓata lokaci ba. In ɗan yatsa ne kawai ya jiƙe, ƙarƙashi busasshe fayau, to ga inda ma'auni zai yi maka aiki: auna a santimita 3 bayan azahar. Ƙasa da 38, lafiya lau. Tsakanin 38 da 42 ana bakin gaɓa, kuma gobe zai fi yau zafi in ba a sake ruwa ba. In tun ranar farko ya haura 42, wannan ruwan ba na shuka ba ne, domin kwana biyu masu zuwa, daidai lokacin da tsiron ke ratsa yashin sama, za a kai 45 ko a wuce. Ga masara a rage wa waɗannan lambobin kamar digiri uku zuwa huɗu, a kuma auna a santimita 5.

Kada a daina aunawa don an gama shuka. Awon kwana na biyu da na uku shi zai gaya maka tun da wuri ko ka tanadi irin cike gurbi.

13. Mu binne muke yi kafin ruwa. Zafin ƙasa ba zai kashe irin ba?

Busasshiyar ƙwaya tana jure zafin da jiƙaƙƙiya ba za ta iya ba, shi ya sa binne ke yiwuwa tun kaka da kakanni a ƙasar Damagaram da Maraɗi da arewacin Katsina. Lambobin tambaya ta 3 na ƙwayar da ta sha ruwa ne. Haɗarin binne yana zuwa ne daga yayyafi: ruwan da ya isa ya tayar da ƙwayar amma bai isa ya riƙe ƙasar da sanyi ba. Ƙwayar ta fasa, rana ta fito, kafin la'asar ta dahu a ramin.

Don haka mai binne ba ya buƙatar awo ranar shuka, yana buƙatarsa ne washegarin duk wani ɗan ruwa. Ya tona rami biyar ko shida ya duba: in ƙwayar na nan da taurinta, ba abin da ya faru. In ta kumbura ko ta fito da farin baki, ga ƙasa ta bushe, ga ma'auni na nuna sama da 45, to ya shirya sake shuka. Ba na ba da shawarar binne masara. Irinta da tsada, ba ta da jimirin gero, kuma gara da ɓera sun fi samunta.

14. Akwai abin da zan yi in rage wa ƙasa zafi, ko sai dai jira?

Akwai. Mafi sauƙi shi ne barin karan bara a shimfiɗe a gona maimakon a share a ƙone. Inuwarsa tana rage zafin azahar, tana jinkirta bushewar sama, tana kuma tare yashin da iskar hadari ke watsa wa ƙananan tsiro. Na san kara yana da masu nema, ga dabba ga danga ga girki, amma ko ɗan abin da aka bari a ɓangaren da ya fi ƙonewa yana nuna bambanci, kuma ma'aunin zai nuna maka shi: auna ƙarƙashin kara, ka matsa taku ɗaya ka auna fili.

Sai gawo. Kowa ya san gero ya fi kyau a gindinsa, an kuma saba danganta hakan da takin ganye da kashin dabbobin da ke hutawa a wurin. Binciken da aka yi a cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa sassaucin zafin ƙasa a lokacin fitowar shuka yana da nasa kason a wannan alherin, ko da yake gawo yana zubar da ganye da damina. Bayan waɗannan, a ɗan ƙara zurfin shuka a jigawa, amma ga gero kada a wuce santimita 5, domin ƙwayarsa ƙarama ce, guzurinta ba zai kai ta sama ba. A taka ramin da ƙafa ƙasa ta manne da iri. Shukar yamma kuma tana ba ƙwaya dare guda cikin sanyi kafin ta gamu da rana.

15. Shukata ba ta fito ba. Ta yaya zan gane zafi ne, ko sanyi, ko irin ne ba shi da kyau?

Tona ka gani da ido, kada ka yanke hukunci daga bakin gona. In ƙwayar na nan a bushe da taurinta, ruwa ne bai kai gare ta ba, tana iya fitowa in an samu ruwa. In ta kumbura ta yi laushi tana wari, ta ruɓe, kuma wannan aikin sanyi ne da yawan ruwa, an fi ganinsa a masarar ɗari. In ta fito da saiwa da ɗan tsiro amma kan tsiron ya yi ruwan ƙasa ya bushe kafin ya iso sama, zafi ne. In geron ya fito sannan ya kwanta, ka duba daidai inda karansa ya taɓa ƙasa: in wurin ya tsuke ya ƙone kamar an ɗaure shi da zare, yashin sama ne ya ƙona shi. In kuwa ka tarar da tsiro lafiyayye ya lanƙwashe ƙarƙashin ɓawon ƙasa mai tauri, ruwa mai ƙarfi ne ya daddaɓe saman, rana ta gasa shi. In ramin ba komai, ɓera ne ko tsuntsu ko tururuwa.

Don kada a ɗora wa ƙasa laifin iri, a gwada irin tun kafin shuka. A ƙirga ƙwaya 100, a jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara ko tsumma, a naɗe, a ajiye a inuwa cikin ɗaki, a riƙa yayyafa ruwa. A ƙirga waɗanda suka tsira bayan kwana biyar ga gero, bakwai ga masara. In 85 ko fiye sun tsira, irin ba shi da laifi. In sun gaza 70, a nemi wani.

16. Wayata tana nuna zafin gari. Ba zan iya dogara da ita in bar sayen ma'auni ba?

Abin da waya ke nunawa zafin iska ne, irin wanda ake aunawa a inuwa, sama da ƙasa da kimanin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma galibi na garin da ya fi kusa da kai ne, ba na gonarka ba. Da azahar busasshen yashi a fili yana iya fin wannan lambar da digiri goma ko fiye. Da safen ɗari kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa a santimita 5 takan ɗan fi iska ɗumi. Amfanin wayar shi ne ta gaya maka inda aka dosa: ko sanyi zai ƙaru a kwanaki uku masu zuwa, ko ana sa ran ruwa. Wannan ya dace a haɗa shi da awon gona kamar yadda aka yi a tambaya ta 10 da ta 12.

Hannu ma yana taimakawa wajen gane danshi, amma ba ya raba 38 da 44, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa kullum tana yi wa fata kamar ta fi yadda take sanyi. In kuɗin ma'auni ya yi wa mutum ɗaya yawa, manoma biyar ko shida masu maƙwabtaka da gona suna iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, ko ƙungiya ta ajiye shi a hannun sakatare. A haɗa shi da ɗan littafi, a riƙa rubuta kwanan wata, da wurin da aka auna, da zurfi, da awon safe da na azahar, da ranar da shuka ta fito. Bayan shekara biyu ko uku lambar 60 ɗin nan ta tambaya ta 10 za ku iya gyara ta da kanku, ta dace da irin da kuke shukawa da ƙasar da kuke nomawa.